Daga Mumbari Zuwa Fuskar Waya: Yadda Ake Tsara Bidiyo Daga Rubutacciyar Huɗuba

A masallatai da majalisun karatu da yawa a yau za ka tarar da wani matashi da aka ɗora wa nauyin yaɗa karatun malam ta waya. Liman ya sauko daga mumbari, ya miƙa masa takardar huɗuba mai shafi huɗu ko biyar, ya ce a mayar da ita bidiyo domin waɗanda ba su samu halarta ba. Yawanci ɗayan abu biyu ne ke biyo baya. Ko dai yaron ya kafa waya a gaban malam ya sa shi ya karanta takardar daga farko har ƙarshe, a samu bidiyo mai tsawo da ba kowa ke kai wa tsakiyarsa ba, ko kuma ya kwashi sakin layi sukutum ya liƙa a kan hoton gajimare da faɗuwar rana, rubutu ya cika fuskar waya har ido ya rasa inda zai sauka.

Duka biyun matsalarsu ɗaya: an tsallake matakin da ke tsakanin takarda da kyamara. Wannan mataki shi ne jadawalin bidiyo, wato takardar da ake zama a rubuta kafin a ɗauki ko da hoto ɗaya. A cikinta ake raba bidiyon fitowa-fitowa, kamar yadda marubuta wasan kwaikwayo ke yi, a kuma bayyana abu uku a kowace fitowa: abin da kunne zai ji, abin da ido zai gani, da abin da za a rubuta a kan allo. A wannan takarda ne ake yanke hukuncin abin da za a ɗauka daga maganar malam da abin da za a bari, saboda haka a nan ne amanar maganarsa ke tsira ko ta salwanta.

Domin abin ya fito fili, za mu bi misali guda daga farko zuwa ƙarshe: huɗubar Juma'a a kan tauye mudu, mai kalmomi 1,800, wadda ake so a fitar da bidiyon minti uku daga cikinta. Hanyar ba ta canzawa idan maƙalar mujalla ce a hannunka, ko wa'azin coci a kan ma'aunin zalunci da aka ambata a Karin Magana 11:1.

Fara da agogo

Kafin ka ja layi a ƙarƙashin kowace jimla, ka san yawan kalmomin da bidiyon zai iya ɗauka. Hanyar sanin haka mai sauƙi ce. Ka ba wanda zai yi maganar sakin layi ɗaya ya karanta da ƙarfi, da irin nutsuwar da yake wa'azi da ita, kai kuma kana duban agogo. Bayan minti ɗaya ka tsayar da shi, ka ƙirga kalmomin da ya karanta. A misalinmu mu ce malamin ya karanta kalma 130. Wani zai fi haka sauri, wani kuma ba zai kai ba, shi ya sa ake gwada mai maganar kansa maimakon aron lissafin wani.

Da wannan saurin, huɗubar mai kalma 1,800 za ta ci kusan minti 14. Minti uku kuwa daƙiƙa 180 ne, kuma ba dukansu ne na magana ba. Karatun ayoyin da aka gina huɗubar a kansu zai ci kamar daƙiƙa 28, katin rufewa mai ɗauke da sunan malam da masallaci zai ci 10. Saura daƙiƙa 142, waɗanda ke ɗaukar kalma 300 da 'yan kai. Ke nan daga cikin kowace kalma shida ta huɗubar, ɗaya ce kawai za ta shiga bidiyon.

Wannan lissafi yana da ɗaci ga mai son malaminsa, amma gara a haɗiye shi tun a kan takarda. Wanda ya ƙi yin sa zai gamu da shi a wurin tacewa, lokacin da zai ga bidiyon ya yi tsawo ya fara datse maganar malam ta ko'ina, ko ya ƙara wa muryar sauri har ta daina kama da ta mai ita. Idan bayan lissafi ka ga lallai huɗubar ba za ta matsu ba, mafita ita ce a yi bidiyo biyu ko uku, kowanne da batunsa, ko a saki cikakken karatun daban ga mai bukata.

A wannan mataki kuma ake yanke shawarar siffar hoton. Bidiyon da za a kalla a waya a tsaye, irin na TikTok da gajerun bidiyon YouTube, siffarsa 9:16 ce, wato 1080 a faɗi da 1920 a tsawo. Wanda za a kalla a kwance, a talabijin ko kwamfuta, 16:9 ne. Tun daga watan Oktoba na 2024 YouTube ke karɓar gajeren bidiyo mai tsawon har minti uku, don haka misalinmu zai shiga. Dalilin yanke wannan shawara da wuri shi ne, faɗin allon ne zai ƙayyade yawan rubutun da layi ɗaya zai ɗauka da kuma yadda za a riƙe kyamara.

Me za a ɗauka, me za a bari

Huɗuba tana da gininta. Tana buɗewa da godiya ga Allah da salati, ta yi wasiyya da taƙawa, ta shigo da batu, ta kawo ayoyi da hadisai, ta ba da ƙissa, ta maimaita gargaɗi sau da dama domin wanda ya makara ko hankalinsa ya tafi, sannan ta rufe da addu'a. Duk wannan ya dace da mutanen da ke zaune a sahu ba za su tashi ba sai an idar da salla. Mai kallon waya kuwa yatsansa na kan allo, kuma ba abin da ya ɗaure shi.

Saboda haka ka karanta huɗubar sau biyu, sannan ka kife takardar ka rubuta saƙonta a jimla ɗaya da ba ta wuce kalma 20 ba. A tamu, jimlar za ta iya zama: wanda ke cika mudu idan zai karɓa ya kuma rage idan zai bayar yana cin haƙƙin da zai biya. Idan ka kasa rubuta jimla ɗaya, ko ka ga sai ka sa “kuma” sau uku kafin ta ƙare, alama ce huɗubar na ɗauke da batu fiye da ɗaya. A tamu, alal misali, liman ya taɓo ɓoye hatsi domin ya yi tsada, ya kuma taɓo rantsuwar ƙarya a ciniki. Dukansu gaskiya ne kuma masu amfani, amma ba su ne jimlarmu ba. Sai a ajiye su don wani bidiyon.

Daga nan ka koma kan takardar da biro, ka yi wa kowane sakin layi alama da ɗaya daga haruffa huɗu: H ga hujja, wato aya ko hadisi, B ga bayani, M ga misali ko ƙissa, U ga umarni, wato abin da ake so mai sauraro ya aikata. Za ka ga H ta fito sau shida ko bakwai, domin liman ya kawo ayoyi uku na farkon Suratul Muɗaffifin, da aya ta 9 ta Suratur Rahman, da aya ta 35 ta Suratul Isra'i, da ƙissar Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana daga Suratu Hud, da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama. Minti uku ba za su ɗauki duka ba. Ka zaɓi hujja ɗaya ta zama ginshiƙi, ɗaya kuma ta dafa mata. Mun ɗauki farkon Muɗaffifin saboda shi ne ya siffanta mai mudu biyu kai tsaye, muka ƙara da ƙissar Madyana saboda tana nuna ƙarshen al'ummar da ta mayar da abin al'ada.

Akwai wani nau'in jimla da ba a taɓa yankewa ko da lokaci ya matse, wato jimlar ƙaidi. Ita ce wadda ke farawa da “sai dai”, “matuƙar”, “idan har”, “ban da”. A huɗubarmu liman ya ce wanda awonsa ya gaza bisa kuskure bayan ya yi iya ƙoƙarinsa ba ɗaya yake da mai ganganci ba. Mai neman taƙaitawa zai ga wannan jimla kamar ƙari ce, alhali idan aka cire ta an sa malam ya faɗi hukuncin da ya fi nasa tsauri. Yawancin rigimar da ake yi a kan guntayen bidiyon malamai daga nan take tasowa: an bar hukunci, an zubar da sharaɗinsa. Ka zagaye kowane ƙaidi da jan biro, ka tabbata duk inda hukuncin ya je yana biye da shi.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne mayar da rubutun ido zuwa maganar baka. Jimlar da ke da layi huɗu a takarda sai a raba ta biyu ko uku. “Kamar yadda muka ambata a sama” ba ta da ma'ana a bidiyo, domin babu sama. Idan an gama, a karanta sabon rubutun da ƙarfi. Duk inda numfashi ya ƙare kafin jimla ta ƙare, a nan ake bukatar yanka.

Takarda mai gida huɗu

Yanzu ka ɗauki farar takarda ka kwantar da ita, ka ja layi uku daga sama zuwa ƙasa. Gida na farko, ɗan siriri, na lokaci ne. Na biyu na murya, na uku na hoto, na huɗu na rubutun allo. Kowace fitowa layi ɗaya ce da ta ratsa gidajen huɗu, kuma fitowa ɗaya tunani ɗaya take ɗauka. Idan tunani ya canza, an shiga sabuwar fitowa.

Ƙa'idar da ke riƙe da jadawalin ita ce, gidajen murya da hoto da rubutu kowanne ya yi aikin da sauran biyun ba za su iya ba. Murya ce ke ɗauke da bayani da jan hankali. Hoto yana nuna abin da baki zai daɗe yana siffantawa, kamar gindin kwanon da aka bubbuge ya shige ciki. Rubutu kuma yana riƙe abin da kunne ke saurin zubarwa: sunan sura, lambar aya, sunan mai magana, jerin abubuwa. Richard Mayer, masanin ilimin koyo a Jami'ar California da ke Santa Barbara, ya nuna a bincikensa cewa idan ana nuna hoto ana bayaninsa da baki, sannan aka sake zuba dukan bayanin a rubuce a kan hoton, fahimta na iya raguwa, saboda ido ya rabu biyu tsakanin karatu da kallo. Wannan shi ne ciwon bidiyon da ke liƙa sakin layi a kan gajimare.

Fitowa bakwai

Ga yadda jadawalin huɗubarmu zai kasance.

Fitowa ta 1, daga 0:00 zuwa 0:12. Hoto: hannu biyu kawai, kusa-kusa, suna zuba gero a mudu har ya yi tozo, sannan yatsa ya share saman a hankali. Murya: tambaya mai kalma kamar 20, a kan ko mudun da mutum ke saye da shi shi ne wanda yake sayarwa da shi. Rubutu: “Mudunka cikakke ne?” An fara da tambaya saboda daƙiƙun farko ne mai kallo ke yanke shawarar tsayawa ko wucewa. Idan malam na so a buɗe da bisimilla da sallama, haƙƙinsa ne, sai a yi su a taƙaice a cikin waɗannan daƙiƙu, a bar doguwar gabatarwa ga cikakken karatu.

Fitowa ta 2, daga 0:12 zuwa 0:40. Murya: karatun aya ta 1 zuwa ta 3 na Suratul Muɗaffifin, ba tare da wani sauti a ƙarƙashi ba. Hoto: bango mai launi ɗaya, marar motsi. Rubutu: aya ɗaya a lokaci guda, Larabci a sama, fassarar Hausa a ƙasa, sunan sura da lambar aya a gefe. A nan an bar hoto ya yi shiru da gangan, domin rubutun ne abin kallo.

Fitowa ta 3, daga 0:40 zuwa 1:15. Hoto: fuskar malam yana kallon kyamara. Murya: kalma kamar 75 na bayanin su wane ne ayoyin ke nufi. Rubutu: sunan malam da masallacinsa a ƙasan ƙirjinsa na daƙiƙa biyar, sai ya ɓace. Mai kallo na bukatar ya ga mai maganar da idonsa kafin ya amince da hukuncin da zai ji.

Fitowa ta 4, daga 1:15 zuwa 1:55. Wannan ce zuciyar bidiyon, kuma ita ta fi kowace tsawo. Murya: kalma kamar 85 a kan hanyoyi uku da liman ya lissafa. Hoto: ɗauka uku, kowace kamar daƙiƙa 13. Ta farko kwano biyu a jere, a juye abin da ke cikin ɗaya zuwa ɗayan a ga ya zube. Ta biyu a kifa kwano a nuna lotsattsen gindinsa. Ta uku sikelin da allurarsa ba ta kan sifili alhali ba a ɗora komai ba. Rubutu: “1. Mudu biyu”, “2. Lotsa gindin kwano”, “3. Taɓa sikeli”, kowanne ya fito daidai lokacin da murya ta ambace shi.

Fitowa ta 5, daga 1:55 zuwa 2:20. Murya: ƙissar Madyana cikin kalma kamar 55. Hoto: a koma fuskar malam, ko a nuna rumfunan kasuwa bayan an watse. Ba a zana Annabi, ba a kuma sa wani ya tsaya a matsayinsa, ko da ta baya ko a inuwa. Rubutu: “Ƙissar mutanen Madyana, Suratu Hud”.

Fitowa ta 6, daga 2:20 zuwa 2:50. Murya: kalma kamar 65 na mafita, tare da ƙaidin da muka zagaye da jan biro. Hoto: hannun nan na fitowar farko, yanzu yana cika mudu ya ƙara da gyara. Rubutu: “Gwada mudunka. Mayar da haƙƙi.”

Fitowa ta 7, daga 2:50 zuwa 3:00. Katin rufewa: sunan malam, masallaci, ranar huɗubar, da inda za a samu cikakkiyarta. Ranar tana da amfani, domin bidiyo kan dawo bayan shekaru a jingina shi ga wani abin da ya faru daga baya.

Idan ka tara kalmomin murya za ka samu 300, daidai da lissafin farko. Daga wannan jadawali kuma ake fitar da jerin abubuwan da za a ɗauka: kwano biyu, sikeli, tiyar gero, hannun mutum ɗaya, da zama ɗaya da malam. Duka za a iya yin su a tsakar gida cikin hantsi guda.

A lura da dalilin da ya sa aka ce hannu kawai. Mai ɗaukar hoto zai so ya shiga kasuwar hatsi irin ta Dawanau a Kano ya ɗauko hada-hadar awo, domin ta fi armashi. To amma ka ɗauko fuskar wani bawan Allah yana aunawa a rumfarsa, ka ɗora ta a daidai inda murya ke cewa “masu tauye mudu”, ka riga ka kira shi ɓarawo a gaban duk wanda ya san shi, ko da bakinka bai faɗa ba. Mai kallo yana haɗa abin da ya ji da abin da ya gani a lokaci guda ya mayar da su magana ɗaya. Don haka a gidan hoto, a gaban kowace jimlar zargi, kada a sa fuska, ko allon shago, ko rumfar da za a iya ganewa.

Ladubban rubutun allo

Rubutun allo iri biyu ne, kuma ya kamata a bambanta su a jadawali. Akwai kanun da muka gani a sama, masu kalma biyu zuwa shida. Akwai kuma rubutun ƙasa da ke bin maganar mai magana, domin kurame da masu kallo a inda ba za su iya kunna sauti ba. Idan za a sa na biyun, a rage na farkon a waɗannan wurare, kada su yi karo.

Kamfanin Netflix ya ƙayyade wa masu rubuta masa rubutun ƙasa na Ingilishi layi biyu a lokaci guda, kowane layi kada ya wuce harafi 42. Wannan na allon kwance ne. A wayar tsaye layin da ya wuce harafi 25 zuwa 30 zai tilasta a ƙanƙanta rubutun. Game da tsawon zama, shawarata ita ce a ba kowane harafi 12 daƙiƙa ɗaya, saboda da yawa daga masu kallonmu ba su saba karatun boko da sauri ba. Jimla mai harafi 36 ke nan tana bukatar daƙiƙa uku. Idan ana so a ajiye rubutun ƙasa a fayil daban irin wanda YouTube ke karɓa, mai ƙarewa da .srt, ga siffarsa:

```
1
00:00:02,000 --> 00:00:05,500
Mudun da kake saye da shi,
shi kake sayarwa da shi?
```

Inda ake karya jimla yana da hatsari na musamman a Hausa, saboda korewarmu sau da yawa ƙafa biyu gare ta, “ba” a farko da “ba” a ƙarshe, sharaɗi kuma yakan zo a bayan hukunci. Ɗauki jimlar “Ya halatta ka sayar da jiƙaƙƙen hatsi idan ka bayyana wa mai saye.” Idan aka raba ta kati biyu, na farko zai tsaya shi kaɗai yana cewa ya halatta ka sayar da jiƙaƙƙen hatsi. Mutum ɗaya ya ɗauki hoton allon a wannan daƙiƙa ya tura, an ƙaga wa malam fatawa. Maganin shi ne a duba kowane kati shi kaɗai a tambayi kai: idan wannan ne kawai wani ya gani, gaskiya ya gani? Idan amsar a'a ce, a haɗa hukunci da sharaɗi a kati ɗaya, ko a juya jimlar sharaɗin ya zo farko.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ ga masu rubutu da tsarin Nijar. Yawancin salon rubutu masu ado da ke cikin manhajojin tace bidiyo irin su CapCut da KineMaster ba a ƙera su da waɗannan haruffa ba. Alamar matsalar ita ce ka ga ɗan akwati a gurbin harafin, ko ka ga harafin ya fito da wata siffa dabam da ta 'yan'uwansa. Kafin ka zaɓi salo, rubuta “ɓ ɗ ƙ Ɓ Ɗ Ƙ” ka gani. Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna ɗauke da su.

Larabci kuma nasa ya fi nauyi. Wasu manhajoji kan wargaza haruffan su tsaya ɗai-ɗai, ko su jera su daga hagu zuwa dama, ko su gusar da wasali daga kan harafinsa. Kada a buga aya da ka. A ɗauko ta daga ingantaccen mus'hafi, a sa ta a matsayin hoto idan manhajar ba ta iya ba, sannan mahaddaci ya duba ta harafi-harafi. A kuma tabbata rubutun ya dace da ruwayar da mai karatu ya yi. A ƙasar Hausa ana karatu da Warshu ana kuma yi da Hafsu, kuma ƙirgen ayoyi ya sha bamban a wasu surori: Suratu Hud tana da aya 123 a mus'hafan Hafsu, 121 a na Warshu da aka saba gani. Shi ya sa idan za a rubuta lambar aya daga irin wannan sura, a bi mus'hafin da malam ya yi aiki da shi. Muɗaffifin kuwa aya 36 ce a duka biyun.

Wurin da rubutu zai zauna ma a rubuta shi a jadawali. A bidiyon tsaye, ƙasan allo da gefen dama na manhajar ne, a nan take jera sunan mai shafi da maɓallanta. Rubutun da aka kai can zai ɓuya. A tsayar da shi a tsakiya, fari a kan duhu ko baƙi a kan haske, da kauri sosai, domin idan bidiyo ya bi ta WhatsApp ana matse shi, siraran haruffa ne kuma ke fara dusashewa.

Gwaji kafin kyamara

Jadawali ba ya kammala sai an gwada shi sau uku, duka a kan takarda. Na farko, ka rufe gidan hoto da na rubutu, ka karanta gidan murya kaɗai ga wanda bai ji huɗubar ba, ka tambaye shi me ya fahimta. Idan abin da ya faɗa ya yi daidai da jimlarka ta kalma 20, murya ta tsaya da ƙafarta, kuma wanda ya saurara waya na aljihu bai yi asara ba. Na biyu, ka rufe gidan murya ka bi hoto da rubutu kaɗai, ka ga ko mai kallo ba sauti zai gane inda aka dosa. Na uku, ka karanta komai da agogo a hannu. Fitowar da ta zarce lokacinta a rage mata kalmomi tun yanzu.

Bayan haka sai mataki mafi girma, wanda gaggawa ke sa a tsallake: a mayar wa mai huɗubar jadawalin ya karanta. A nuna masa abin da aka cire, da jimlolin da aka sake wa gini, da kowane rubutun da zai fito a ƙarƙashin sunansa. A tambaye shi ko ya yarda a sa wani sauti a bayan muryarsa, domin malamai da yawa ba sa amincewa da kiɗa, wasu ma ko waƙe ba sa so. Idan maƙalar wani ce aka ɗauko, a nemi izininsa a kuma rubuta sunansa a katin rufewa. Gyara a wannan mataki biro kawai yake ci. Bayan bidiyo ya fita ya shiga wayoyin mutane, ba mai iya kiran sa ya dawo.

Don haka, ɗan'uwa mai riƙe da wayar masallaci ko ta majami'a, kada ka kunna kyamara sai jadawalinka ya cika gida huɗu, lissafin lokacinsa ya daidaita, kowane ƙaidi na tare da hukuncinsa, kuma mai maganar ya karanta ya ce ya yarda wannan maganarsa ce.